Me kaka za ta gaya wa jikanta game da sanyin ruwan randa?

"Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata firamare a Gusau. Ina so in rubuta wa 'yan aji biyar gajeren labari na wata kaka da ke bayyana wa jikanta dalilin da ya sa ruwan randa ke yin sanyi a tsakiyar bazara. Ina tsoron kada in sa mata maganar da ba daidai ba a baki. Me ya kamata ta ce?"

Wa alaikumus salam, Malama. Abu ɗaya ne tak ya wajaba kakar nan ta tsaya a kai: ruwan randa yana yin sanyi ne saboda wani ɗan kaso daga cikinsa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, shi kuwa ruwa ba ya bushewa sai ya kwashi zafi ya tafi da shi. Zafin da ya kwasa daga jikin randar yake fitowa, randar kuma ta janyo daga ruwan da ke cikinta. Idan yaro ya tashi daga karatun labarin da wannan a kansa, aikinki ya yi kyau. Duk sauran bayani reshe ne.

Yumɓun da aka gasa a wutar kara, itace da kashin shanu, irin yadda magina tukwane ke yi a garuruwanmu, ba ya samun zafin da zai narke ya haɗe kamar tangaran. Saboda haka jikinsa cike yake da 'yan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Wasu maginan ma sukan cuɗa yumɓun da dakakken tsingaro ko ƙaiƙayi. Ƙaiƙayin ya ƙone a wuta ya bar gurbinsa. Ta waɗannan ƙofofi ruwa ke bi a hankali har ya iso bayan randar. Ba zuba yake yi ba, jiƙa bangon kawai yake yi. Randa mai kyau a bazara za ki ga bayanta ya yi duhu-duhu, in kin dafa ki ji laima da sanyi, amma ba ki ga ruwa yana gudu ba.

Ga yadda nake ganin labarin zai iya tafiya. Ki sauya sunaye da lafazi yadda ya dace da yaranki.

Bello ya dawo daga makaranta rana ta take, ya zarce wurin jarkar da aka ɗebo da safe, ya kurɓa, ya furzar. "Inna, ruwan ga kamar an dafa shi!"

Kakarsa tana zaune bakin rumfa tana tsince wake. Ta ce, "Maigida, bar jarka, je ka randa. Ɗauki moɗa, kada ka tsoma mini hannu."

Ya buɗe faifai, ya ɗebo, ya sha har moɗa biyu. Ya tsaya yana kallon randar. "Inna, ba rijiya ɗaya aka ɗebo su ba?"

"Rijiya ɗaya, guga ɗaya. Dafa jarkar ka ji." Ya dafa: a bushe, da ɗumi. "To dafa randar." Ya dafa, ya duba tafinsa. "Ta jiƙe. Ta fashe ne?"

"Lafiyarta lau. Zo nan." Ta kama hannunsa na dama ta zuba masa ɗan ruwan jarkar nan mai ɗumi a baya, ta bar na hagu a bushe. Ta ɗauki mafici ta shiga fifita masa duka biyun. "Wanne ka ji sanyi?"

"Wanda kika jiƙa."

"Da ruwan sanyi na jiƙa shi?"

Ya yi shiru. "A'a, da mai ɗumin ne."

"To duba, ina ruwan yake yanzu?" Bayan hannun ya riga ya bushe. "Iska ta ɗauke shi. Kuma da zai tafi, bai tafi hannu sake ba, ya ɗebi zafin jikinka ya tafi da shi. Abin da zufa ke yi maka ke nan in ka buga ƙwallo. Randa ma zufa take yi, dare da rana. Jarka kuwa roba ce, ba ta da ƙofar da za ta yi zufa, sai ta riƙe ruwanta duka ta riƙe zafinta duka."

"Ashe ruwan randar yana raguwa ko ba a sha ba?"

"Ƙwarai. Shi ya sa nake sa ka ƙara mini guga kullum da yamma."

Bello ya yi tunani. "Amma da damina ba ya yin sanyi haka."

"Ka lura ke nan. Da damina in na shanya zane, yaushe yake bushewa?"

"Sai ya wuni."

"Yanzu fa?"

"Kafin ki gama shanya na ƙarshe, na farko ya bushe."

"To iskar damina ta ƙoshi da ruwa, ba ta son ƙari. Ta bazara ƙishirwa gare ta. Matso mini da randar can bakin ƙofa inda iska ke bi, ka gyara mata gammo."

Ki lura, Malama, kakar ba ta faɗi kalmar kimiyya ko ɗaya ba, kuma ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Abin da ya fi muhimmanci a wurin shi ne ruwan da ta zuba masa mai ɗumi ne. Idan da ruwan randa ta jiƙa masa hannu, yaro zai ɗauka sanyin ruwan ne ya ji, gwajin ya tashi a banza. Kada ki bar wannan ya kuɓuce miki wajen sake rubutawa.

Yanzu ga lissafin da ke ƙarƙashin maganarta, don ke ki riƙe ko da ba zai shiga labarin ba. Don a rage zafin lita 1 ta ruwa da digiri 1, sai an cire mata kimanin kilojul 4.2 na zafi; kilojul shi ne ma'aunin yawan zafi. Amma don lita 1 ta bushe ta bi iska a yanayi irin namu, tana bukatar kimanin kilojul 2,400. Ki raba na biyu da na farko, za ki samu kusan 570. Ma'ana, bushewar ruwa kaɗan tana sanyaya ruwa mai yawa: idan kashi 1 cikin 100 na ruwan ya bushe, zafin da ya kwasa ya isa ya sauke sauran da kusan digiri 6.

Mu ɗauki tulu mai cin lita 20, an cika shi da ruwan da ya sha rana a jarka har ya kai digiri 34, ana so ya sauko 24. Digiri 10 ke nan, sau lita 20, sau 4.2, ya ba da kilojul 840. A raba da 2,400, ya ba da lita 0.35, wato bai ma kai ledar ruwa ɗaya ta rabin lita ba. Wannan ne kuɗin saukowar farko. Sai dai tulun ba a nan yake tsayawa da asarar ruwa ba, domin da zarar ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi, zafi zai riƙa kwararowa cikinsa daga iska, daga bango, daga kwanon rufi. Dole ya ci gaba da bushewa don ya fitar da wannan zafin da ke shigowa. Shi ya sa a ranar bazara mai iska tulu irin wannan zai iya rasa lita ɗaya ko biyu ba tare da kowa ya sha ba. Uwar gida da ta ga ruwa ya ragu ta ce yara sun yi wasa da shi, sau da yawa ba su ba ne.

Akwai iyakar da sanyin ba ya wucewa, kuma iska ce ke yanka ta. Idan aka naɗe kan ma'aunin zafi da jiƙaƙƙen ƙyalle aka fifita shi, zai sauka ya tsaya a wata lamba. Wannan lamba ita ce ƙarshen sanyin da bushewar ruwa za ta iya bayarwa a wannan iskar. A ranar Afrilu irin ta Gusau ko Birnin Kebbi, a ce zafi digiri 40, danshin iska kashi 15 cikin 100, lambar tana wajen digiri 20 zuwa 21. Randa ba ta kaiwa can cif, saboda zafin da ke shigo mata, takan tsaya 'yan digiri sama da haka. Amma ko 25 ne, tazarar digiri 15 ke nan tsakaninta da iskar tsakar gida, kuma harshe yana jin wannan sosai. A watan Agusta kuwa, a ce zafi digiri 30, danshi kashi 80, iyakar tana wajen 27. Duk ƙoƙarin randa digiri 3 ne, kuma ba za ta ma cika shi ba. Da hunturu, iska ga bushewa ga sanyi, iyakar takan sauko ƙasa da 15, shi ne ruwan randa ke kama haƙori da asuba. Haka nan za ki ji mutane suna cewa randa ta daina sanyi a ƙarshen bazara, gab da faɗuwar ruwa, alhali zafin bai ƙaru ba. Iska ce ta juya ta fara zuwa da danshi daga kudu. Zufar mutum ma a kwanakin nan manne masa take yi ba ta bushewa.

Saboda haka tambayar Bello ta damina ba ado ba ce. Ita ce ke raba bayani na gaskiya da na ƙarya, don duk bayanin da ba zai iya faɗin dalilin gazawar randa da damina ba, ba daidai yake ba.

Wannan ya kawo ni ga maganganun da nake roƙonki kada ki sa wa kakar a baki, don suna yawo sosai. Akwai masu cewa yumɓu da sanyinsa aka halitta shi. Ba haka ba ne. Ki ajiye busasshen tulu babu ruwa a rana, zai yi zafin da ba ya taɓuwa. Akwai masu cewa iska ce ke shiga ta ƙofofin ta sanyaya ruwan. Ƙofofin a cike suke da ruwa, kuma iskar bazara ai zafi gare ta, da ta shiga da ta ɗumama shi. Akwai kuma masu cewa kaurin bango ne ke tare zafi. Wannan yana da ɗan ƙamshin gaskiya, don kauri da yawan ruwa suna sa randa ta daɗe tana riƙe da sanyin dare. Amma tare zafi ba ya iya sauke ruwa ƙasa da yadda aka zuba shi. Kula tana riƙe sanyin da aka ba ta ne, randa kuwa ita ke samar da nata.

Kuskuren da ya fi waɗannan kama da gaskiya shi ne a kwatanta laimar bayan randa da raɓar da ke taruwa a jikin kwalbar lemo mai sanyi. A ido iri ɗaya ne, a aiki kishiyar juna ne. Ruwan jikin kwalba daga iska ya sauko, kuma yana sauka ne da zafinsa, yana ɗumama lemon. Na jikin randa daga ciki ya fito, yana tafiya da zafi. Yaro mai kaifin hankali zai kawo miki wannan misali a aji, gara ki shirya masa. Ki ce ya lura: kwalba ta fi yin raɓa da damina, da hunturu kusan ba ta yi.

Idan kina so kakar ta nuna gwaninta irin ta tsofaffi, wurin gyaran randa ne za ta nuna, kuma kowace dabara tasu tana komawa ga dalilin nan guda. Randa tana son inuwa da iska tare. A rana, zafin da ke dukanta ya fi ƙarfin wanda take fitarwa. A lungun ɗaki inda iska ba ta motsi, danshin da ta fitar yana tsayawa kewaye da ita, bushewa ta ragu, sai ki tarar bayanta sharkaf amma ruwan ba sanyi. Wannan alama ce mai sauƙin ganewa: jiƙa sosai babu sanyi, matsalar iska ce ko damina. Bayan randa a bushe ƙayau babu sanyi kuwa, ƙofofin ne suka toshe.

Toshewar tana da dalilai sanannu. Ruwan rijiya yana ɗauke da gishiri-gishiri da ƙasa narkakkiya. In ya bushe a bayan randa, shi ya tafi, su suka zauna. Shekara da shekaru sai ki ga wani farin ɓawo kamar kanwa, musamman a garuruwan da ruwan rijiyarsu ke da zartsi. Gansakuka tana rufe ta waje, laka ta kwanta ta ciki, maiƙon hannu ya shafe inda ake yawan dafawa. Maganinsa a juye ruwan, a goge ciki da waje da soso ko burushi mai tauri da ruwa zalla, a ɗauraye, a kife ta ta sha rana ta bushe sarai kafin a sake cikawa. Ban da sabulu ko omo, don yumɓu yana shansu, ya daɗe yana mayar da ɗanɗanon cikin ruwa. In an yi haka sau biyu ba ta farfaɗo ba, ta tsufa, a mai da ita ta wanki ko ta ajiyar hatsi. Tsofaffi da ke cewa sabuwar randa ta fi sanyi gaskiya suka faɗa. Wanda kuma ya shafa wa tulu fenti don ya yi kyau, ko ya yaɓe shi da siminti don ya daina "yoyo", ya kashe shi da hannunsa. Ya zama jarkar ƙasa.

Ga mai saye a kasuwa: ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa. Ƙara mai tsabta na nuna ta gasu kuma babu tsaga, ƙara a dusashe na nuna tsaga ko rashin gasuwa. In an kai gida a cika ta a bar ta ta kwana. Bayanta ya yi laima ko'ina, madalla. In ruwa ya taru ƙarƙashinta har yana gudu, asara ce kawai, domin ruwan da ya ɗiga ƙasa bai bushe a jikinta ba, bai kwashi zafin komai ba. Ruwan cikawar farko da ta biyu akan zubar, saboda warin ƙasa da toka.

Girma ma yana da tasiri. Idan aka ninka faɗin tukunya sau biyu, ruwan da take ci ya ninku sau 8, amma fatar bayanta da ke yin zufar sau 4 kawai ta ninku. Don haka ƙaramin tulu ya fi saurin yin sanyi, babbar randa kuma ta fi jinkiri amma ta fi riƙewa. Gidan da ya san abin da yake yi yakan cika randa da yamma, ta samu dare gaba ɗaya tana aiki, ba a riƙa tuttula mata ruwan rana da azahar ana tsammanin sanyi da la'asar ba. Girke ta a kan jiƙaƙƙen yashi yana hana ta jan zafin ƙasa, amma kada a binne ta har wuya. Sashen da iska ke taɓawa shi ke aiki. Dabarar naɗe jarka ko kwalba da jiƙaƙƙen buhun algarara a rataye a inuwa, wadda direbobi da manoma ke yi, ara wa roba fatar yumɓu ce, haka ma salkar makiyaya. A kan wannan hanya ce Malam Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don ajiye tumatir da ganye, har ya samu lambar yabo ta kamfanin agogo na Rolex a shekarar 2000. Wannan zai iya zama darasi na gaba ga yaran.

Abu ɗaya da ba na so labarin ya bari a zuciyar yara shi ne cewa ruwa mai sanyi ruwa ne mai tsabta. Randa tana sa laka ta kwanta, ruwan ya yi garau a ido, amma ba ta kashe ƙwayar kwalara ko ta taifot. Hasali ma randa mai faɗin baki, wadda kowa ke tsoma moɗa da yatsu a ciki, hanya ce ta yaɗa cuta a gida. Shi ya sa na sa kakar ta ce kada ya tsoma hannu. Ruwan da ake shakka a tafasa shi ko a sa masa maganin tsabtace ruwa, ya huce, sannan a zuba. Moɗa ta zama mai mariƙi, a rataye ta, ba a ajiye a ƙasa ba, kuma ba da ita ake sha a mayar ba. A labarin ma gara Bello ya juye a kofi, ki gyara wannan wurin in kina so ya zama abin koyi sosai. Rufe baki da faifai ko murfi ba ya rage sanyi, tunda aikin a jikin bango ake yinsa, kuma yana hana sauro yin ƙwai a ciki.

In kina so yaran su gani da idonsu bayan karatu, ki samo ƙananan tuluna biyu iri ɗaya, ki cika su da ruwa ɗaya da safe. Ɗaya ki sa shi cikin babbar leda ki ɗaure a wuya, ɗayan ki bar shi haka, duka a inuwa ɗaya inda iska ke bi, duka a rufe. Bayan awa 3 ko 4 a auna. Kada ki yi amfani da ma'aunin zazzaɓi na asibiti, don ba ya karanta abin da ya yi ƙasa da digiri 32 zuwa 35. Ki nemi na ɗakin gwaji, in babu kuma yatsa da harshe sun wadatar, bambancin ba ɓoyayye ba ne. Ki sa su kwance ledar su ga ruwan da ya taru a cikinta: ya tsattsafo, amma bai samu iskar da za ta ɗauke shi ba. Ki yi gwajin tsakanin Fabrairu da Afrilu. Idan kika yi shi a Yuli ko Satumba, tulunan biyu za su fito kusan ɗaya, sai ki ajiye sakamakon ki maimaita da rani, yaran su kwatanta lambobin biyu da kansu.